Rabuwar Arziki: Yadda Mai Neman Aiki Zai Janye Bayan Ya Samu Wani Wuri

Wanda ya sha wahalar neman aiki a ƙasar nan ya san ba a zuba takardu wuri ɗaya a koma gida a zauna. Matashin da ya gama bautar ƙasa yakan aika takardunsa wurare da dama a lokaci guda, domin bai san inda rabonsa yake ba. Yawanci shiru ake ji. Amma wani lokaci sai a wayi gari wurare biyu sun kira a mako ɗaya: ɗaya ya riga ya ba da takardar ɗaukar aiki, ɗayan kuma ya sa ranar intabiyu ta biyu, ko shi ma yana shirin ba da tasa takardar. A nan ne mutum yake buƙatar wani ɗan gajeren saƙo da ba a koyar da shi a makaranta, wato saƙon janyewa.

Abin da ya fi yawa a tsakaninmu shi ne a yi shiru. Mai neman aiki ya kama aiki a sabon wuri, wancan wurin su yi ta kira waya tana ƙara ba a ɗauka, su aika imel ba amsa, ranar intabiyu ta zo kujerarsa ta zauna babu kowa. Galibi ba raini ne ke kawo haka ba. Kunya ce da nauyin baki. An tashe mu a kan cewa kallon babba a ce masa «na fasa» abu ne mai nauyi, don haka sai mutum ya ga kamar kawaici ya fi. A zaman gida kawaici yana da muhallinsa. A harkar ɗaukar aiki kuwa, shirun nan cutarwa ne, kuma shi ne yake ɓata sunan mutum fiye da duk wani «a’a» da zai faɗa da bakinsa.

Abin da shirunka ke jawowa a can ofis

Don a gane dalilin saƙon, sai a leƙa ɓangaren masu ɗauka. Gurbi ɗaya ne suka tallata, takardu masu yawa suka shigo, aka tace aka yi jarrabawa, aka rage mutane kaɗan da za a gana da su. Ma’aikaciyar sashen kula da ma’aikata ta sha fama kafin ta haɗa shugaban sashe da manaja da wani daga sashen kuɗi a rana ɗaya da awa ɗaya. Cikin waɗanda suka rage an jera su: na farko, na biyu, na uku. Idan kai ne na farko, to na biyu yana can a jingine, ba a ce masa e ba, ba a ce masa a’a ba, ana jiran a ji daga gare ka.

Duk ranar da ka ƙara kana shiru, na biyun nan yana iya samun wani wuri ya tafi, ko ya fid da rai. Idan shi ma ya tafi, ma’aikatar za ta koma farko: sabon talla, sabuwar jarrabawa, makonni na jira, aikin kuma yana kan wuyan waɗanda ke ciki. Saboda haka saƙon janyewa haƙƙi ne na mutum biyu a kanka: wanda ya ɓata lokacinsa ya gana da kai, da ɗan’uwanka mai neman aiki da ke bayanka a layi, wanda ba ka san shi ba amma abincinsa yana rataye da amsarka.

Akwai kuma lissafin kanka. Masu aikin ɗaukar ma’aikata a gari ɗaya sun san juna, suna sauya wuraren aiki, suna tambayar juna labarin mutane. Wadda ka bari tana kiran wayarka a banza bana, tana iya zama ita ce a kan kujerar tantancewa a wata ma’aikatar bayan shekara uku. Ba za ta riƙe ka da laifi don ka zaɓi wani wuri ba, domin kullum tana ganin haka. Abin da take tunawa shi ne wanda ya sanar da ita da wuri, da wanda ya ɓace.

Kada a yi gaggawa, kada a yi jinkiri

Kuskure na farko shi ne janyewa kafin lokaci. An kira ka a waya an ce «mun ɗauke ka, takarda na nan tafe», murna ta kwashe ka, ka rubuta wa wancan wurin ka ce ka fasa. Bayan mako biyu sai a ce an dakatar da ɗaukar, ko kuɗin aikin bai fito ba, ko an sauya shugaba. Shi ke nan an yi sakin reshe kama ganye. Maganar baki ba ta isa a janye a kanta ba, komai girman wanda ya faɗe ta.

Abin da za ka jira shi ne takardar ɗaukar aiki a rubuce, mai ɗauke da sunan muƙami, albashi, ranar farawa da wurin aiki. Sannan ka karanta ta da kyau ka ga ko akwai sharaɗi. Wurare da yawa suna rubuta cewa ɗaukar ba ta tabbata sai an yi gwajin lafiya, an tantance takardun makaranta da ta bautar ƙasa, an ji daga waɗanda ka ba da sunansu a matsayin shaidu, ko ka kawo masu tsaya maka. Idan akwai sharaɗin da kake shakkar cika shi, to ka bari a kammala shi tukuna. Haka nan duk takardar da aka ce sai ka biya kuɗi kafin a ba ka ita, wannan alamar damfara ce, kada ka saki komai saboda ita.

Da zarar ka sa hannu, sun karɓa, sharuɗɗa sun cika, to jinkiri ya zama laifi. A ranar ko washegari ya kamata saƙonka ya tafi. Idan kuma akwai intabiyun da aka sa maka gobe ko jibi, kada ka dogara da imel kaɗai, domin mai yiwuwa ba za a buɗe shi a kan lokaci ba. Ka buga waya a lokacin aiki, ka faɗa da bakinka a taƙaice, sannan ka bi da rubutu don ya shiga fayil.

Wani zai ce, to me zai hana in je intabiyun kawai don in ƙara gogewa? Idan har yanzu zuciyarka tana rawa tsakanin wuraren biyu kuma ba ka sa hannu ko’ina ba, je ka, haƙƙinka ne. Amma idan ka riga ka yanke shawara, zuwa ka zauna gaban mutane huɗu su yi awa guda a kanka alhali ka san ba za ka zo ba, cin amanar lokacinsu ne.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

Mu ƙaddara wata matashiya ce a Kano da ta karanta aikin akanta. Ta nemi aiki a wani kamfanin sarrafa abinci da ke Sharaɗa, ta kuma nema a wani asibiti mai zaman kansa. A kamfanin ta ci jarrabawa, ta yi intabiyu ta farko da shugaban sashen kuɗi, an sa mata ta biyu ranar Alhamis da ƙarfe 10 na safe. Ƙanen mahaifinta ne ya ba ta labarin gurbin, ya kuma yi magana da wani abokinsa a ciki don a duba takardunta. Ranar Litinin asibitin ya ba ta takarda, ta riga ta yi gwajin lafiya, ta sa hannu da yamma.

Matakinta na farko ba imel ba ne. A daren Litinin ɗin ta je gidan baffanta, ko ta kira shi idan yana nesa. Ta ce masa: «Baffa, Allah ya yi, asibitin nan sun ba ni takarda yau kuma na sa hannu. Na ce kafin in sanar da kamfanin in fara zuwa gare ka, saboda kai ka yi min tsaye a can. Ina so ka taya ni ba abokinka haƙuri, ni ma zan kira shi in yi masa godiya.» Dalilin wannan a fili yake. Wanda ya kai sunanka wani wuri ya jingina mutuncinsa ne a kanka. Idan ya ji labarin janyewarka daga bakin mutanen ofis, an kunyata shi, kuma gobe ba zai sake buɗe baki don wani yaron gidan ba.

Safiyar Talata ta rubuta wa ma’aikaciyar da ta aiko mata da gayyatar intabiyu. Ta amsa a kan wannan imel ɗin na gayyata, don a ga zaren maganar a wuri ɗaya, ta kuma sa shugaban sashen kuɗi a kwafi tunda yana da hannu a ganawar. A Najeriya irin wannan wasiƙa da Turanci aka fi yin ta, a Nijar da Faransanci, amma gininta ɗaya ne ko da wane harshe. A layin kan magana ta rubuta cewa janyewa ce daga neman muƙamin akanta, ta sa cikakken sunanta. Ga abin da ke ciki:

«Assalamu alaikum, Hajiya. Ina godiya da gayyatar da kika aiko min ta intabiyu ta biyu ranar Alhamis da ƙarfe 10, a kan muƙamin akanta. Na rubuto ne in sanar da ke cewa na karɓi aiki a wani wuri, saboda haka ina janye takardata, kuma ba zan samu halartar ganawar ba. Na so in sanar da ku da wuri don ku samu damar ba wani lokacin.

«Ina godiya ƙwarai da yadda kuka karɓe ni. Bayanin da shugaban sashen kuɗi ya yi min kan yadda kuke lissafin kayan sito a ƙarshen kowane wata ya ƙara min ilimi, kuma ya ƙara min sha’awar aikinku. Idan ba damuwa, zan so ku ajiye takarduna a wurinku, domin zan yi farin cikin sake nema idan dama ta zo nan gaba. Allah ya haɗa ku da wanda ya dace da wurin. Na gode.»

Sai sunanta, lambar wayarta, da lambar neman aikin idan an ba ta wata.

Me ya sa aka gina shi haka

Abu na farko da za a lura da shi shi ne cewa labarin ya fito tun a jimla ta biyu. Mai karantawa tana da saƙonni da yawa a gabanta, kuma abin da take buƙatar sani shi ne wace ce, wane muƙami, wace rana, za ta zo ko ba za ta zo ba. Al’adarmu ta doguwar gaisuwa tana da kyau a zaure, amma idan aka cika sakin layi biyu da gaisuwa da yabo kafin a kai ga magana, ana iya karanta rabin saƙon a ɗauka tabbatar da zuwa ne.

Na biyu, kalmar janyewa ta fito ƙarara. Ba ta ce «wataƙila ba zan samu zuwa ba» ko «akwai ɗan abin da ya taso» ba. Irin waɗannan kalamai masu laushi suna sa a ɗauka ɗage rana ake nema, sai a sake sa wata ranar, a ci gaba da riƙe gurbin, ita kuma ta sake shiga nauyin da ta gudar wa. Ladabi yana cikin lafazi da godiya, amma hukuncin kansa dole ya fito babu lauje cikin naɗi.

Na uku, dalilinta gaskiya ne kuma gajere: ta karɓi aiki a wani wuri. Ba ta ambaci sunan asibitin ba, ba ta faɗi albashin da aka yanka mata ba, kuma ba dole ba ne ta faɗa ko an tambaye ta. Idan an matsa, ya isa ta ce wuri ne da ya fi dacewa da halin da take ciki yanzu. Abin da ya fi haɗari shi ne ƙaryar kunya, irin su «iyayena sun hana», «maigidana bai yarda in yi aiki ba», «zan koma karatu», «ba ni da lafiya». Waɗannan suna da sauƙin faɗa, amma suna yanke gaba. Wadda ta ce an hana ta aiki, wa zai sake kiranta idan gurbi ya buɗe? Kuma gari ɗaya ake, ba za a daɗe ba wani zai gan ta a ofishin kuɗi na asibitin, ƙaryar ta fito.

Na huɗu, godiyarta tana da abin kamawa. Ta ambaci abu guda da ya faru a ganawar, wato bayanin lissafin sito. Wannan jimla ɗaya ita ce ke bambanta saƙonta da wanda aka kwafo aka sauya suna, kuma ita za ta sa shugaban sashen ya tuna fuskarta. Sai dai sharaɗin shi ne abin ya kasance ya faru da gaske kuma ya burge ta da gaske. Yabon da ya wuce kima yana jawo tambaya: in haka wurin yake a ranki, me ya sa kika tafi?

Na biyar, ta nemi abu ɗaya mai sauƙin yi, a ajiye takardunta. Ba ta yi alkawarin dawowa bayan shekara ba, ba ta ce a riƙe mata wuri ba. Alkawari kaya ne, kuma wanda bai fara sabon aiki ba bai san abin da shekara za ta zo da shi ba. Haka kuma ba ta saka ƙorafi ba. Ko da an bar ta awa uku a benci ranar intabiyu ta farko, ko albashin da aka ambata ya yi mata kaɗan, saƙon janyewa ba wurin wannan ba ne. Idan su da kansu suka tambayi ra’ayinta daga baya, sai ta faɗa cikin natsuwa.

Ban-haƙuri ma yana da iyaka. Wanda bai karɓi komai ba tukuna bai saɓa wa kowa ba, don haka jimla ɗaya ta nuna kulawa ta wadatar. Yawan «ku yafe min, na ji kunya, ban kyauta ba» yana sa mai karantawa ta ji dole ta lallashe ka, alhali aiki ne a gabanta.

Idan suka kira suka ƙara tayi

Yana faruwa, musamman idan kai ne na farko a jerinsu. Bayan awa biyu waya ta shigo: «Nawa suka ba ki? Za mu iya ƙarawa.» Ya kamata mutum ya san amsarsa kafin ya aika saƙon. Idan ka sa hannu a can, amsar ita ce godiya da cewa ka riga ka ba da kalmarka. Wannan amsa ba ta rage maka daraja a idonsu, sai ma ta nuna musu irin ma’aikacin da za su samu idan wata rana ka zo wurinsu.

Idan kuwa a zuciyarka kamfanin ka fi so, kuma albashi ne kawai matsalar, to lokacin magana shi ne kafin ka sa hannu a ɗaya wurin. Sai ka gaya musu gaskiya cewa an ba ka takarda a wani wuri, an ba ka zuwa rana kaza ka amsa, kuma ka fi son nasu, ko za su iya gaggauta hukuncinsu. Wannan ciniki ne na fili. Abin da ba ya da kyau shi ne a aika saƙon janyewa don a tsorata su su ƙara kuɗi. Sau da yawa sai su ce Allah ya sa alheri, su kira na biyu.

Wanda ya riga ya sa hannu a wurin farko

Duk abin da ya gabata ya shafi wanda ke cikin tantancewa ne, ko wanda aka yi wa tayi bai amsa ba. Wanda ya karɓi tayi a rubuce, aka sa masa ranar farawa, sannan ya samu wani wurin da ya fi, halinsa daban ne. Yarjejeniya ta ƙullu, an sallami sauran masu nema, wataƙila an tanadi tebur da katin shaida. A nan imel kaɗai bai isa ba. Sai an kira, ko an je da ƙafa, an ba da haƙuri na gaske, sannan a rubuta.

Kafin haka ka koma ga takardar da ka sa wa hannu ka duba abin da ta ce game da notis, musamman a lokacin gwaji. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 11, ta ƙayyade mafi ƙarancin notis: kwana 1 idan aikin bai wuce wata 3 ba, mako 1 idan ya wuce wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, mako 2 daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, wata 1 daga shekara 5 zuwa sama. Sai dai dokar ta fi shafar masu aikin ƙarfi da na akawu, ba manyan jami’ai da ƙwararru ba, kuma takardun ɗaukar aiki da yawa suna gindaya wa’adin da ya fi wannan tsawo, ko biyan albashin wa’adin a madadinsa. Abin da ka sa wa hannu shi za a duba. Idan an ba ka kuɗin ƙaura, na’ura, ko an biya maka kuɗin horo, ka ambaci mayar da su da kanka kafin a tambaya. Kuma ka sani cewa a wannan hali, komai kyawun saƙonka, wasu ba za su sake ɗaukarka ba. Abin da ladabi zai iya yi shi ne ya rage ɓarnar.

Bayan an aika

Idan wata hukumar samar da ma’aikata ce ta haɗa ka da kamfanin, ita za ka fara sanarwa, domin ladanta yana rataye ne da kama aikinka, kuma ita za ta nemo madadinka. Idan duk maganarku da ma’aikatar ta WhatsApp aka yi, kamar yadda ƙananan makarantu da shaguna da asibitoci da yawa suke yi, ba laifi a janye ta nan, amma da rubutu cikakke a lokacin aiki, ba da saƙon murya na tsakar dare ba.

Amsa mai kyau takan zo gajera: mun gode da sanarwa, Allah ya ba da sa’a. Wani lokaci ba a amsawa sam, kuma wannan ba ya nufin an yi fushi. Amma idan kwana biyu na aiki sun wuce shiru, ko ka ga an sake turo maka tunatarwar intabiyu, alama ce saƙon bai isa ga mai shi ba, sai ka buga waya ka tabbatar. Idan ka san wani da ya cancanci gurbin da gaske, kana iya tambaya ko suna son ka turo shi, amma kada ka kai sunan wanda ba za ka iya tsaya masa ba.

Ajiye takardu a fayil ba shi ne zai sa a kira ka ba. Idan bayan shekara ɗaya ko biyu ka ga sun sake talla, kai ne za ka nema kamar kowa, sannan ka rubuta wa wadda kuka yi magana da ita layi biyu: ka tuna mata muƙamin da ka nema a baya, da cewa ka janye a lokacin saboda ka karɓi wani aiki, da abin da ka ƙaru da shi tun daga nan. A ranar ne amfanin tsohon saƙonka zai bayyana, domin idan ta buɗe fayil za ta tarar da mutumin da ya faɗi gaskiya a kan lokaci, kuma irin wannan mutumin ne kowace ma’aikata take nema ta damƙa wa amanarta.